Yadda ake shirya albasar Galmi don kasuwar Abijan

Ban ga abin da yake karya sabon ɗan kasuwa a Tawa kamar babban buhu ba. A nan gida, buhun da aka danƙare har aka yi masa hula, mai wuce kilo 100, shi ne abin alfahari. Amma matar da take sayar da albasa a kasuwar Ajame ta Abijan ta saba da albasar Holan, wadda take zuwa cikin buhun raga na kilo 25, girman kai ɗaya, a bushe. Da ita za a gwada taka.

Kafin ka sayi ko buhu ɗaya, kira mai karɓar kayanka ka ce ya ɗauko maka hoton abin da yake tashi a rumfarsa. Girman kan da suke so, shi za ka tsince. Manya gefe, matsakaita gefe, ƙanana ka sayar da su a Galmi. Kada ka ɓoye su a gindin buhu, sau ɗaya ake yi wa mutum haka.

Inda na sha kashi shi ne shanya. Shekarar farko na loda albasa kwana biyu bayan cira, don ina gudun kuɗin jiran mota. Iskarmu busasshiya ce, ba ta nuna laifin. Da motar ta wuce Burkina ta shiga laimar kudu, albasar ta fara gumi a tsakiyar buhu. Ranar da aka sauke, wari ne ya fara gaishe ni, na zauna ina tsince ruɓaɓɓu da hannuna ina ƙwalla. Yanzu sai ta yi kwana goma zuwa mako biyu a inuwa mai iska, ba cikin rana ba. Ka matsa wuyanta da yatsa biyu. In ka ji sulɓi ko danshi, ba ta kai ba. In wuyan ya tsuke, ɓawon yana ƙara kamar takarda, to ka yanke ganyen ka bar kamar faɗin yatsa biyu. Mai kaurin wuya ba ta tafiya, ko ta yi kyau.

Buhun raga ya fi tsada, ga kuɗin masu awo, amma iska tana ratsa shi kuma mai saye yana ganin kaya ba sai ya kwance ba. Leda kam, haram.

Takardar da za ka ɗinka a bakin buhu, da Faransanci: Violet de Galmi, nauyi, Nijar, lambar wayarka. In Kumasi ko Akara za ka, da Turanci, kuma ciniki da sidi ne, ka lissafa canji. Kada ka yi tallar arha. Ka ce tana da yaji da ƙamshi, kaɗan take isar miya, ka ba da buhu ɗaya a ɗanɗana. Takardar lafiyar tsirrai da ta asalin kaya kuwa, ka karɓe su tun kafin mota ta tsaya ƙofar sito.