Makin da shafukan duba CV ke bayarwa: kurakuran da aka fi yi wajen karanta shi

Duk lokacin da matasa suka kammala hidimar ƙasa, za ka ga hotuna na yawo a zaurukan WhatsApp na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi. Wannan ya sa CV ɗinsa a shafin dubawa na kyauta an ba shi kashi 43 cikin ɗari, hankalinsa ya tashi. Wancan ya sami 88, har ya fara tunanin rigar da zai sa ranar intabiyu. Su biyun duk sun yi wa lambar mummunar fahimta.

Babban kuskuren shi ne ɗauka cewa makin daga wurin masu ɗaukar aiki ya fito. Gaskiya ne manyan kamfanoni, irin bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin ƙasashen waje, suna karɓar takardu ta wata manhaja da ake kira ATS, kamar Workday ko Taleo ko Greenhouse. Aikinta ta ajiye takardun, ta zare suna da makaranta da wuraren aiki ta jera, ta kuma ba jami'in ɗaukar ma'aikata damar bincike da tacewa. To amma shafuka irin su Jobscan da Resume Worded ba su da alaƙa da manhajar kamfanin da kake nema. Ba su ga sauran masu nema ba, ba su san abin da manajan ke so ba. Kowanne da ma'aunin da ya ƙirƙira wa kansa, shi ya sa in ka sa takarda ɗaya a shafi biyu za ka fito da maki biyu mabambanta. Kashi 70 ba ya nufin kana da damar samun aiki saba'in cikin ɗari. Kuma a Kumasi, yawancin ƙananan kamfanoni da makarantu masu zaman kansu ta imel suke karɓa, ko ma hannu da hannu a ofis a Adum. Can mutum ne zai karanta, ba na'ura ba.

To me shafin ke aunawa? Idan irin wanda ake liƙa masa tallar aiki ne, galibi ƙirga kalmomi yake yi. Kamar mai ƙirga huhun goro ne bai kwance ko ɗaya ba: adadi ya sani, ko goron ya lalace bai sani ba.

Mu ƙaddara wata 'yar Aboabo ce mai HND a fannin akanta, ta yi hidimar ƙasa a ofishin kuɗi na wata makaranta, tana neman aikin akawu a wani kamfani. A ce shafin ya tsamo kalmomi 20 daga tallar, ya sami 9 a takardarta, ya ba ta 45. Lissafin gaskiya ya fi haka sarƙaƙiya, domin wasu kalmomin sun fi wasu nauyi, amma tushen ke nan. Abin da ya kamata ta duba ba 45 ɗin ba ne, jerin kalmomi 11 ne da aka ce babu.

In ta zauna da jerin za ta ga kashi uku ne. Na farko aikin da ta yi da hannunta amma ta kira shi da wani suna. Talla ta ce "bank reconciliation", ita ta rubuta "checked bank statements against cash book". Talla ta ce "accounts payable", ita ta rubuta "paid suppliers". Talla ta ambaci harajin albashi na PAYE da kuɗin fansho na SSNIT, ita kuwa duk wata tana taya shirya su, sai dai ta dunƙule su a ƙarƙashin "salary duties". Waɗannan su ne ribar shafin. Ta mayar da su yadda talla ta kira su, a cikin jimlar da ta faɗi abin da ta yi, ta kuma sa adadi in tana da shi, misali albashin ma'aikata nawa take shiryawa. In biyar ne irin waɗannan, maki ya tashi zuwa 14 cikin 20, wato 70, kuma babu ƙarya ko ɗaya. Wannan gyaran yana amfani ko da mutum ne zai karanta, domin jami'in da ke da takardu tuli kalmomin tallarsa idonsa ke nema.

Kashi na biyu tarkace ne, irin su "dynamic" da "team player". A bar su.

Na uku shi ne inda ake faɗawa rami: abin da ba ta iya ba. Talla ta ce manhajar lissafin kuɗi ta QuickBooks, ita Tally da Excel kawai ta taɓa. Da ta rubuta QuickBooks maki zai hau nan take, domin shafin ba shi da hanyar gane gaskiya da ƙarya. Ranar intabiyu kuwa za a ajiye mata kwamfuta a ce bismilla. Wasu ma har cusa kalmomin talla suke yi da farin rubutu don ido kada ya gani. Manhaja na zare rubutu ne ba tare da launi ba, don haka abin da aka ɓoye yana iya bayyana ƙarara a gaban jami'i. A ganina 70 na gaskiya ya isa a tsaya, abin da ke sama da haka sau da yawa kwaikwayon talla ne kawai.

Ga kuma abin da maki ba zai taɓa faɗa mata ba. In talla ta ce dole shekara uku na gogewa da matakin jarrabawar ƙungiyar akantocin Ghana, wato ICAG, ita kuma shekara ɗaya gare ta, ko 95 ta samu ba ta cika sharaɗi ba. A shafukan neman aiki na kamfanoni, tambayoyin nan na "eh ko a'a" da ake amsawa kafin a tura takarda su ake iya saita su su ware mutum kai tsaye, kuma shafin duba CV bai san da su ba.

Kuskure na gaba akasin wannan ne: mutum ya raina shafin gaba ɗaya, har ya ƙi kula da gargaɗin cewa ba a iya karanta takardarsa. Wannan gargaɗin a ɗauke shi da gaske. Da yawa a zango ana buga CV a kafe, a ɗauki hotonsa da waya, a mayar da shi PDF. Wannan hoto ne, babu rubutun da za a zara sai in manhajar na iya karanta hoto. Haka samfuran nan masu ado da ginshiƙi biyu da akwatuna: rubutu kan cakuɗe, lambar wayar da aka sa a can saman shafi ta ɓace. Gwajin ba ya buƙatar kowane shafi. Buɗe takardar a kwamfuta, danna Ctrl+A, sai Ctrl+C, ka liƙa a Notepad. In ba abin da ya fito, hoto ne. In ya fito a hargitse, koma ginshiƙi ɗaya da kanun da aka saba, ka adana daga Word kai tsaye.

Sannan a tuna yawancin shafukan nan don kasuwar Amurka aka gina su. Za su iya rage maka maki don takarda ta wuce shafi ɗaya, ko don ka jera masu shaidarka, alhali a Ghana shafi biyu ba laifi ba ne, kuma tallace-tallace da yawa su ne ma ke neman masu shaida. Kada ka goge hidimar ƙasa don ka rage tsawo, nan gida ana tambayar ta. Inda shafin dubawa da talla suka saɓa, bi talla.

Kyautar ma da dalilinta. Yawancinsu suna sayar da cikakken rahoto ko gyaran takarda, don haka jan launi da ƙaramin maki ba su yi musu asara ba. Kafin ka ɗora takarda, cire lambar Ghana Card da adireshin gida da lambobin wayar masu shaidarka. Ƙirga kalmomi ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikinsu, kuma masu shaidar ba su ba ka izinin miƙa lambobinsu ga wani shafi na ƙetare ba.