Idan Ka Juya Makulli Kik Sai Ƙara Take Ba Ta Juya Inji

Da farko ka saurari irin ƙarar da kik, wato na'urar da ke tayar da injin mota, take yi. Idan tana zuwa a jere da sauri, kat-kat-kat, galibi batir ne ya yi rauni ko kawunansa sun ci gishiri. Idan kuwa ƙara ɗaya ce mai nauyi, zargi ya fi komawa kan solanoyid, wato makunnin da ke sakar wa kik wuta daga batir.

Kunna fitilun gaba, ka sa wani ya juya makulli kana kallo. In hasken ya dushe sosai, wutar ba ta isa ba. Auna batirin da mita: cikakke yana nuna kusan volt 12.6, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 10 ba lokacin tayarwa.

Kafin ka ce batir ya mutu, duba kawunansa. A Accra, musamman kusa da teku, danshi yana saurin tara farin gari ko kore a kansu. Kashe mota, fara kwance wayar baƙa mai alamar ragi, sannan jar wayar. Wanke kawunan da bekin soda cikin ruwa, goge da burushin waya, ka bushe su. Wajen mayarwa ja ce farko, ka ɗaure tamau. Mutane da yawa sun sayi sabon batir a banza saboda wannan garin.

In fitilu ba su dushe ba, ƙarar kuma ɗaya ce, sa giya a furi, ka ɗan bubbuga jikin kik da sifana yayin da ake juya makulli. Ta tashi? To solanoyid ko burushin ciki ya cinye. Bugun na ɗan lokaci ne, kai ta wurin mai gyaran waya, in kuma canji ne a nemi irinta a Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra.