Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Kodbar da Tambarin Rediyo Wajen Ƙidayar Kayan Sito

Mu ɗauki dillalin atamfa da shadda a babbar kasuwar Maraɗi, mai turmi 3,000 a sito, kaya na shigo masa daga Kwatano, suna fita zuwa Katsina ta Ɗan Isa. Yana so ya san abin da ke cikin sitonsa ba tare da an kwana ana ƙirga ba. Hanya biyu ce a gabansa: kodbar, wato zanen layuka baƙi da fari da ake haskawa da na'ura, ko tambarin rediyo, wanda za ka ga an rubuta RFID a jikin kwalinsa.

Ka fara da duba irin kayan, tun kafin maganar kuɗi. Tambarin da ake liƙa wa kaya ba shi da batir. Ɗan ƙwayar lantarki ne da siririyar eriya, yana samun ƙarfi daga igiyar rediyon da na'urar karatu ta aiko ta iska, sai ya mayar da lambarsa. Ruwa yana shanye wannan igiya, ƙarfe kuma yana karkatar da ita. Saboda haka mai sayar da lemon kwalba, tumatirin gwangwani ko kayan babur zai sha wahala da shi, sai ya sayi tambari na musamman mai tsada. Yadi kuwa igiyar tana ratsa shi, har cikin dila.

Daga nan ka auna lokaci da agogo. Kodbar sai na'ura ta gan shi ido da ido, ɗaya bayan ɗaya. In yaron shago na ɗaukar daƙiƙa 5 ya zaro turmi, ya haska, ya mayar, turmi 3,000 zai ci awa huɗu da ƴan mintuna, ban da hutu da salla. Na'urar rediyo ta hannu tana karanta ɗaruruwan tambari daga nisan ƴan mitoci, mutum yana tafiya tsakanin kantoci kawai, aikin ya ƙare cikin mintuna. Sai ka tambayi kanka sau nawa kake ƙidaya. Wanda ke yi sau biyu a shekara, wannan saurin bai tsinana masa komai ba.

Lissafin kuɗi shi ne wurin da ya kamata ka zauna da biro. Ka nemi farashi a rubuce daga mai kawo maka, ka sa a gurbin waɗannan lambobi na misali. A ce takardar kodbar sefa 5 ce, dala guda, tambarin rediyo kuma sefa 75. In turmi 3,000 ke fita kowane wata, takarda za ta ci 15,000, tambari 225,000. Bambancin jaka 210 ne. A turmin jaka 15, kuɗin turmi 14 ke nan. To, ɓata da kuskuren ƙidaya suna cin maka turmi 14 a wata? In ba su kai ba, tambarin bai biya kansa ba, kuma ba mu ma sa kuɗin na'urar ba, wadda ta ninka ta kodbar sau da yawa, alhali kodbar ko wayar hannu tana karanta shi. Ga mai sabulun sefa 250 kuwa, tambarin 75 ya kusa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin kayan, magana ta ƙare.

Sai gwajin daidaito, kada ka tsallake shi. Ka ware turmi 100 da ka ƙirga da hannu, ka liƙa musu duka biyun, ka jera su yadda suke zama kullum, ka ƙidaya sau uku. Kuskuren kodbar na mutum ne: lambar masana'anta iri ɗaya ce a kan duk turmi mai zane ɗaya, yaro ya haska guda sau biyu na'ura ta rubuta biyu, ko ya tsallake na ƙasan tari. Maganinsa ka buga wa kowane turmi lambarsa daban. Tambarin rediyo yana da lambarsa shi kaɗai, ba ya maimaituwa, amma in ka sami 97 akwai waɗanda suka jingina da kantar ƙarfe ko suka manne da juna. In ka sami 104, na'urar ta jiyo wasu tambarin da ke ɗakin gefe, sai ka rage mata ƙarfi.

In kodbar ka zaɓa, ka kula da takardar. Wadda ake bugawa da zafi kawai, irin ta rasit, tana dushewa ko ta yi baƙi a sito mai rufin kwano lokacin bazara. Ka sayi firinta mai amfani da ribon, wato siririyar leda mai tawada, ka riƙa goge gilashin na'ura lokacin hunturu saboda ƙura.

A ganina, dillalin nan ya sa kodbar a duk kayansa, ya bar tambarin rediyo ga shadda mai tsada da kuma kan dila, inda tambari ɗaya ke wakiltar turame masu yawa.