Saƙon rangwamen lokacin biki: inda ake tuntuɓe wajen haɗa gaggawa da fara'a

Kuskuren da na fi gani a saƙonnin kantunan intanet shi ne wa'adin ƙarya. A rubuta "yau ce rana ta ƙarshe", gobe mai saye ya leƙo ya tarar ragin yana nan daram. Mai saye ba yaro ba ne. Sau ɗaya zai kama ka, daga nan duk "yi sauri" ɗinka iska ce. Haka ma "saura guda uku" alhali kaya na jibge a sito.

Abin mamaki, kana da wa'adi na gaskiya a hannu, wato ranar ƙarshe da za a yi oda kaya su iso kafin biki. Lissafa shi daga baya. A ce bikin ranar 25 ga wata ne, kana son kaya su isa ranar 24. Masu kai kaya suna ɗaukar kwana huɗu, ke nan sai sun karɓa ranar 20. Haɗa kaya da naɗe su kwana ɗaya, mun dawo 19. Ƙara kwana ɗaya saboda cunkoson lokacin, ka tsaya a 18. Wannan ranar za ka sa a saƙo, har da ƙarfe nawa, domin "kafin ƙarshen mako" kowa da yadda zai fassara shi.

Kuskure na biyu kishiyar na farko ne: gaisuwa har layi biyar kafin a zo kan magana. A waya, kalmomin farko kaɗai ake gani kafin a buɗe saƙo. Idan fatan alheri ya cinye su, ragin ya ɓuya. Gaisuwa jimla ɗaya ta isa, sauran fara'ar a nuna ta wajen sauƙaƙa wa mutum.

Dubi wannan: "KADA KA BARI A BAR KA A BAYA!!! KAYA NA ƘAREWA!" Tsawa ce kawai, babu rana, babu adadi. Ga gyaransa:

"Barka da shirin biki. Mun rage kashi 20 cikin 100 a kan jakunkuna. Idan kuna son taku ta iso kafin ranar 25, ku yi oda kafin ƙarfe 10 na daren 18. In kyauta ce, za mu naɗe muku ita ba tare da takardar farashi a ciki ba."

Jimlar ƙarshen nan ta fi "abokin cinikinmu abin ƙauna" aiki, don ta nuna kun san abin da ke ransa.

Saura yawan tuni. Saƙo uku sun wadatar: na buɗewa, na tsakiya, da na safiyar ranar 18. Kuma a cire waɗanda suka riga suka saya daga jerin waɗanda ake tura wa saƙo. Idan ka ga masu fita daga jerinka sun ƙaru bayan kowane tuni, matsin ya yi yawa, sai ka soke na tsakiyan.