Kurakuran da 'yan ajin farko suka fi yi a kan bugun zuciya, da yadda za a gyara

Ƙannena 'yan ajin farko, musamman ku da muke haɗuwa a Idi-Araba da masu zuwa daga Agege, in aka ce mutum ya yi bayanin abin da ke faruwa a bugu ɗaya na zuciya kusan wuri ɗaya kowa yake tuntuɓe. An haddace ɗakuna huɗu, atiriyom biyu a sama, bentirikul biyu a ƙasa, an haddace bawul huɗu, amma da an tambayi me ya sa wannan bawul ɗin ya buɗe yanzu sai a yi shiru.

Babban kuskuren shi ne ɗaukan cewa bawul yana buɗe kansa, ko wai akwai wata jijiya da take ba shi umarni. Babu. Firesha ce kawai. In fireshar bayansa ta fi ta gabansa ya buɗe, in ta gaba ta fi ya rufe, shikenan. Wasu kuma sun ga zaruruwan nan da suka riƙe bawul ɗin maitaral da tirikasfid, wato na tsakanin atiriyom da bentirikul a hagu da dama, daga cikin bentirikul, sai su rubuta wai su ne suke jan bawul ya buɗe. A'a, aikinsu riƙewa ne, in bentirikul ya matse da ƙarfi kar fatun bawul ɗin su juye su koma cikin atiriyom. In zaren ya tsinke jini komawa baya yake yi.

Toh bari mu bi ɓangaren hagu da lambobi, don a nan ne abin yake fitowa fili. Mu ɗauki baligi yana hutawa, zuciyarsa tana buga 75 a minti. Raba sakan 60 da 75, kowane bugu sakan 0.8 kenan. A ciki bentirikul yana matsewa kamar sakan 0.3, wato sistol, yana sakewa kamar sakan 0.5, wato dayastol. Lambobin firesha da zan kawo duk a ma'aunin da ake awon hawan jini ne.

Daga dayastol za ku fara, ba daga matsewa ba. Jini yana ta dawowa daga huhu cikin atiriyom na hagu, bentirikul ya saki jiki fireshar sa ta faɗi ƙasa da ta atiriyom, maitaral ya buɗe jini ya kwararo. Nan ne kuskure na biyu: mutane suna zaton atiriyom ne yake cika bentirikul da matsewarsa. Wallahi mafi yawan jinin, wajen kashi 80 cikin ɗari, da kansa yake gangarawa tun atiriyom bai motsa ba. Matsewar atiriyom a ƙarshe take zuwa, sakan 0.1 kacal, ta ƙara ɗan abin da ya rage. Shi ya sa za ka ga mutumin da atiriyom ɗinsa yake karkarwa kawai ba ya matsewa daidai, amma yana yawo da ƙafarsa, sai dai in ya yi aikin ƙarfi ya ji numfashi ya gaza. A ƙarshen cikar nan akwai kamar mililita 120 a bentirikul.

Yanzu bentirikul ya fara matsewa. Fireshar sa ta ɗan wuce ta atiriyom, wadda ba ta fi wajen 10 ba, nan take maitaral ya rufe. Amma bawul ɗin ayota, babbar jijiyar da ke kai jini jiki, bai buɗe ba tukuna, don a cikin ayota akwai firesha kamar 80 tana danne shi. Dan Allah ku tsaya a nan, wannan ɗan lokacin ne aka fi tsallakewa a jarabawa, wasu ma sai su rubuta maitaral yana rufewa ayota yana buɗewa lokaci ɗaya. Ba haka ba ne. Akwai wajen sakan 0.05 da ƙofar shiga a rufe ta fita ma a rufe, tsoka tana matsa, jini ba inda zai je. Kamar ka damƙi ledar fiya wata da ba a fasa ba ka matse, ledar ta yi tauri amma ruwan da ke ciki bai ragu ba. Firesha tana hawa daga wajen 10 zuwa 80, jini yana nan 120 ɗinsa. Sai ta wuce 80 sannan bawul ɗin ayota ya buɗe, jini ya fita, firesha ta ci gaba har wajen 120.

Kuma bentirikul ba ya juye duk abin da ke cikinsa, wannan ma ana yawan faɗawa. Cikin 120 ɗin nan kamar 70 ne ke fita, 50 su zauna. Raba 70 da 120, wajen kashi 58 cikin ɗari, kuma zuciya mai lafiya kenan. In ka ninka 70 sau 75 ka samu lita 5 da ɗan ɗoriya a minti.

Da tsoka ta fara saki, firesha ta sauko ƙasa da ta ayota, jinin ayota ya yi kamar zai dawo sai ya cika aljifan bawul ɗin ya rufe shi. A nan ma maitaral ba ya buɗewa nan take, sai fireshar bentirikul ta ci gaba da faɗuwa har ƙasa da ta atiriyom. Kenan sau biyu a kowane bugu duk bawul huɗu suke a rufe, kuma a zuciya mai lafiya babu lokacin da na shiga da na fita suke buɗe tare.

Ƙarar zuciya kuwa, rufewa ce take kawo ta, ba buɗewa ba, kuma ba ƙarar matsewar tsoka kake ji ba. Ta farko rufewar maitaral da tirikasfid ce, farkon sistol. Ta biyu rufewar bawul ɗin ayota da na jijiyar huhu, ƙarshen sistol. In ka sa abin sauraren zuciya a ƙirji ka rasa wace ce wace, ɗora yatsa a jijiyar wuya a hankali, ƙarar da ta zo tare da bugun wuyan ita ce ta farko.

Ɓangaren dama ban daɗe a kansa ba don tsarin ɗaya ne, amma zanen kibiyoyin nan na littafi yana ruɗa mutane, su ɗauka dama ce take fara bugawa sannan hagu ta karɓa. Tare suke matsewa, kuma jinin da suke fitarwa daidai yake, in ba haka ba da jini ya taru a huhu cikin 'yan mintuna. Bambancin firesha ne, bentirikul na dama iyakarsa wajen 25 saboda huhu ba ya buƙatar turi mai ƙarfi, shi ya sa bangonsa bai kai na hagu kauri ba.

Sai tambayar da malamai suke so: in bugu ya ƙaru me ke raguwa? Yawanci sai a ce sistol da dayastol daidai suke raguwa. A bugu 150 kowane zagaye sakan 0.4 ne, kuma dayastol ne ya fi yankewa, lokacin cika kenan ya ragu. Ga shi kuma tsokar bentirikul na hagu a dayastol take samun mafi yawan nata jinin, don in ta matse tana danne jijiyoyin da ke cikinta. Shi ya sa mai toshewar jijiyoyin zuciya yake jin ciwon ƙirji in ya hau bene da sauri, tsokar tana neman ƙarin jini a daidai lokacin da tazarar samun shi ta gajarce.