Yadda ake tsara darasin sautin haruffa da haɗa su ga yaran aji ɗaya

Sabbin malaman da ake turo mana makarantun firamare a nan Kaduna, yawancinsu ba a rubuta harafi a allo ko jan waƙa suke tuntuɓe ba. Inda darasinsu ke karyewa shi ne lokacin da za a ɗauki sauti biyu a haɗa su su zama gaɓa. Za ka ga yara sun haddace haruffa tun daga farko har ƙarshe, suna rera su da ƙarfi har makwabta na ji, amma ka rubuta "nama" ka nuna wa yaro ɗaya, sai ya tsaya yana kallon bakinka. Don haka tsarin da zan kawo duk an gina shi ne a kan wannan mataki. Zan ɗauki darasi guda na minti 35, na koyar da harafin m, ga ajin da ya riga ya san a, i da n.

Kafin ka rubuta komai a littafin tsarin darasi

Fara da zaɓen harafi, kuma kada ka bi jerin a, b, c, d. Da waɗannan huɗun kalmomi nawa yaro zai iya karantawa? Baba, da kaɗan. Haka kuma jerin s, a, t, i, p, n da malamai da yawa suka samo a bitar koyar da Turanci, an shirya shi ne don kalmomin Turanci. Ko p ɗin ma ba ya cikin haruffan Hausa. A Hausa ka fara da wasalin a, saboda da wuya ka faɗi jimla ba ka ci karo da shi ba, sannan ka kawo baƙaƙen da ake iya jan sautinsu ba tare da ya yanke ba, irin su n, m, s, l. Su b, d, k, t a bari sai yara sun gane haɗi, domin sautinsu fita yake yi lokaci guda, ba ya januwa.

Daga nan ka zauna ka lissafo kalmomin da za a iya ginawa da haruffan da aka koya kaɗai. Da a, i, n da m kana da mama, nama, mana, ina, mini, Amina. Ko kalma tana da daɗi yaya, in akwai harafi ɗaya a cikinta da ba a koya ba, cire ta. "Mota" ba ta shiga allon yau, ko da kuwa kana da hoton mota mai kyau.

Kayan aiki ba sai an sayi na kanti ba. Kwalin taliya ko na sabulu da mai shago zai ba ka kyauta, ka yanka kamar tafin hannu biyu, harafi ɗaya a kowane yanki, da alƙalamin maka mai kauri yadda na layin baya zai gani. Ni baƙaƙe da baƙin tawada nake rubutawa, wasula da ja, kuma haka nake so kowa ya yi.

Minti biyar na bita, biyar na kunne

Ɗaga katunan a, i, n ba bisa tsari ba, yara su faɗi sautinsu. Sai gaɓoɓin na da ni. Kada bitar ta wuce haka. Bayan nan a ajiye alli, a yi aikin kunne zalla: ka faɗi masara, madara, mota, miya, ka tambayi yara da wane sauti suka fara. A nan motar ta halatta, tunda ji za a yi ba karantawa ba. Ka tabbata kalmomin ba duka da "ma" suke farawa ba, in ba haka ba yara za su ɗauka "ma" ne sautin. Sai ka tambaya wa ke da m a farkon sunansa, su Musa da Maryam da Mansur su miƙe.

Fitar da sautin shi kaɗai

Minti shida zuwa bakwai. Rubuta m babba-babba a allo, rufe leɓɓanka, ka ja: mmm. Bakinka bai buɗe ba ko kaɗan. Da zarar ka buɗe shi wasali ya shigo, ka ce "ma" ke nan ko "mu".

Wannan ne asalin matsalar. Yawancinmu da a, ba, ca, da aka koya mana, wato kowane baƙi da wasalin a manne a jikinsa. Yaron da ya riƙe cewa m ita ce "ma", ranar da ka sa masa i a gefe "mai" zai ce, kuma bisa abin da aka koya masa bai yi kuskure ba. Wanda kuma ya fito daga nasare da sunayen haruffan Turanci, shi "em" ya sani, a kuma "ei", don haka ma a wurinsa "em-ei" ce. Ga wani rikicin: sunan da Turanci ya ba harafin e shi ne sautin i na Hausa. Saboda haka a wannan darasi ba a kiran sunan harafi sam. Tambayar kullum ita ce "me yake cewa?" In yaro ya ce "em", kada ka tsawata masa. Ce masa wannan sunansa ne a darasin Turanci, yanzu muryarsa muke nema.

Haɗawa

Ba wannan mataki minti 12 cif, kuma in lokaci ya ƙure, rage daga wani wuri, kada ka taɓa shi.

Kira yara biyu gaba. Mai katin m ya tsaya a hagun masu kallo, mai katin a a damansu, da tazara tsakaninsu. Lura da kyau, hagun ’yan aji ake nufi, don sau da yawa malami yana fuskantar yara sai ya jera katunan yadda shi yake gani, aji kuma ya ga "am". Ka fara yi kai kaɗai: nuna m ka ja mmm, yayin da mai katin m ke takowa a hankali, kada ka ɗauke numfashi har ya isa wurin a, muryarka ta zarce zuwa aaa. Mmmaaa. Sai ka faɗa da sauri: ma. Ka yi sau biyu yara na kallo, ku yi tare sau uku, sannan su yi kai kana shiru.

Shirun da ake yi tsakanin sautukan biyu shi ke kashe haɗi. In ka ce "m", ka tsaya, ka ce "a", sannan ka ce "ma", yaro ya ji abubuwa uku ne daban-daban, kuma na ukun haddace shi zai yi, bai ga daga ina ya fito ba. Wannan ne dalilin da ya sa na ce a fara da baƙaƙe masu januwa.

Yanzu ka sallami mai katin a, ka kira mai i. Kada ka faɗi amsa. Nan za ka gane ko an fahimta: in ka ji "mi", madalla, in ka ji "mai" ko "ma", koma kan rufe leɓɓa. Sannan ka riƙa sauya baƙin kana barin wasalin: ma, na, mi, ni, a cakuɗe. Kada ka jera ma, mi, na, ni kullum a tsari ɗaya, kwana biyu ya isa ya zama waƙa.

Yaran da ke zuwa Islamiyya ko makarantar allo sun zo maka da rabin aikin. Wanda ya wuce babbaƙu ya shiga farfaru ya san cewa baƙi ɗaya yana zama ba, bi, bu gwargwadon wasalin da aka sa masa. Tuna masa da wannan, nan take zai kama. Sai dai shi daga dama ya saba farawa, don haka ja kibiya ƙarƙashin kowace gaɓa daga hagu zuwa dama, kuma yatsanka ya bi ta duk lokacin da ake karantawa.

Daga gaɓa sai kalma. Rubuta na da ma da ɗan fili a tsakani, a karanta kowace, sannan ka matso da su: nama. A nan akwai abin da rubutun boko ba ya nunawa, wato tsawon wasali da hawa da saukar murya. Wasulan nama dogaye ne, na mana gajeru, amma a allo duk a ɗaya ce. Shi ya sa bayan yaro ya haɗa na-ma dalla-dalla, sai ka ce masa "faɗe ta yadda ake faɗa a gida", ka kuma tambaye shi a ina ake sayar da shi. In ya ce wurin mahauta, ya karanta ke nan. A unguwanni irin Kakuri ko Sabon Tasha, inda ajinka zai haɗa yaran da ba Hausa ake yi a gidajensu ba, ka nuna ma'anar kalmar tun a matakin kunne, da hoto ko da abin kansa.

Kalmomi uku sun isa yau: mama, nama, mana. Amina a bar ta sai gobe, don tana da gaɓa uku ga babban harafi. Su nan da man, masu ƙarewa da baƙi, sai wani makon.

Rubutu da gwaji

Minti huɗu na rubutu. A zana m a iska, kai ka juya wa aji baya don hannunka ya tafi inda nasu zai tafi, sannan a littafi. Ka faɗi "ma" da "mi" su rubuta ba tare da kallon allo ba. Kwafe layi goma na m ba ya cikin darasin nan.

Ragowar minti biyun na gwaji ne, kuma amsar taro ba gwaji ba ce. A aji mai cunkoso irin na Rigasa ko Tudun Wada, yara ƙalilan na gaba ne ke karantawa, sauran suna bin muryarsu da ɗan jinkirin da kunne ba ya kamawa. Goge allon, rubuta nama da mana kusa da juna, ka kira yara biyar ɗaya bayan ɗaya, daga layin baya da gefen taga, ban da masu ɗaga hannu. Haruffan kalmomin iri ɗaya ne, jeri ne kawai ya bambanta, don haka mai cinta ba zai tsira ba. In huɗu sun karanta, gobe ka ci gaba. In ba su kai ba, maimaita m da sababbin misalai, ko da manhaja ta ce ka wuce, ka rubuta dalilin a littafinka don hedimasta ko mai duba makarantu ya gani.

Sauran haruffa duk wannan tsari suke bi, biyu a mako, Juma'a kuma bita. Ka raba b da d da makonni, kada su haɗu. Masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, kowanne darasinsa daban bayan ɗan'uwansa ya zauna, da kalmomi irin kafa da ƙafa, bari da ɓari. Su sh da ts kuwa a kati ɗaya ake rubuta kowanne, domin sauti ɗaya ne.