Babi na Shida: Aiko Kayanka Gida ta Jirgin Ruwa

Darasi na 1: Wanda zai haɗa maka kayan

Wannan babi na masu 'yan'uwa ne a Jidda, ko Dubai, ko wata ƙasa, waɗanda suka tara kayan ɗaki suna son su iso Sakkwato. Ku karanta a hankali, babu mai korar ku.

Jirgin ruwa ba ya karɓar kwali ɗaya ko biyu a hannunka. Akwatin ƙarfe yake ɗauka, wato kwantena. Ƙarama tsawonta ƙafa 20 ne, babba ƙafa 40, kuma da wuya kayan mutum ɗaya su cika ko da ƙaramar. Shi ya sa ake da 'yan kago. Su ne suke karɓar kayanka da nawa da na wasu mutane da yawa, su cika kwantena ɗaya da su, kowa ya biya kuɗin wurin da kayansa suka ci. Kamar motar Illela ce, sai ta cika take tashi. Saboda haka ranar da ka miƙa kaya ba ita ce ranar tashin jirgi ba.

Sakkwato ba ta da teku. Kwantenar za ta sauka a Legas, galibi a tashar Apapa ko Tin Can, a can kwastam za su duba ta, sannan babbar mota ta ɗauko kayan ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 kafin su iso mana. Don haka kafin ka biya ko sisi, ka tambayi ɗan kago: kuɗin nan har ina ya kai? Bakin tashar Legas ne, ko ya haɗa da kuɗin kwastam da na ejan mai fito da kaya, ko har Sakkwato? In ya amsa, ka ce ya rubuta a rasit. Maganar fatar baki ba ta fito da kaya daga Apapa.

Darasi na 2: Yadda ake auna kaya

A jirgin sama kilo ake biya. A jirgin ruwa yawanci wuri ake biya. A takardarsu za ka ga haruffa uku, CBM. CBM ɗaya shi ne wuri mai tsawon mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, tsayin mita ɗaya. Ka ɗauki awon tela, ka juya gefen santimita, ka auna kwalin bayan ka cika shi ka ɗaure, ba kafin nan ba, domin kwali yana kumbura.

Ga misalin da muka yi a aji. Wata ɗalibarmu, wadda kowa ke kira Inna, ɗiyarta za ta dawo daga Jidda da kwali 8 masu girma ɗaya. Tsawon kowane santimita 60, faɗi 50, tsayi 40. Sai mu mayar da su mita, mu ninka:

```
0.6 x 0.5 x 0.4 = 0.12
0.12 x 8 = 0.96
```

Wato kayan sun kusa cika CBM ɗaya. Da yawa daga cikin 'yan kago ba sa karɓar kuɗin da ya gaza na CBM ɗaya, ko da kwali uku ka kawo. Ke nan mai kwali 8 ta ci moriyar kuɗinta, mai kwali uku ya biya kuɗin iska. In ninkawar ta yi maka wuya, ka danna a waya. Ba abin kunya ba ne.

Darasi na 3: Takardar jerin kaya

Nan ne nake son ku zauna da kyau, domin nan kowa yake tuntuɓe.

Takardar jerin kaya takarda ce da take faɗin abin da ke cikin kowane kwali. Ba abin da ke cikin kayan gaba ɗaya ba, kowane kwali da nasa. Ana fara ta ne da kwalin, ba da biro ba. Ka ɗauki alƙalamin maka mai kauri wanda ruwa ba ya gogewa, ka rubuta a jikin kwali na farko 1/8. Ma'anarsa, na ɗaya cikin takwas. Na biyu 2/8, har zuwa 8/8. Lambar sama tana canzawa, lambar ƙasa ba ta canzawa. Amfanin lambar ƙasa shi ne, ranar da kaya suka iso, wanda ya ga 5/8 ya san takwas ne, in ya ƙirga bakwai ya san ɗaya ya ɓata. Ka rubuta a gefe biyu da kuma sama, tare da sunan mai karɓa, da lambar wayarsa, da kalmar Sakkwato yadda take a takardun hukuma, Sokoto.

Yanzu ka ɗauki takarda. Ka rubuta 1/8 a gefen hagu. Ka saka kaya a kwali 1/8, duk abin da ya shiga ka rubuta shi nan take, da adadinsa, da ko sabo ne ko an yi amfani da shi. Ka rufe kwalin, ka ɗaure. Sai bayan nan ka taɓa kwali 2/8. Kwali ɗaya, lamba ɗaya, rubutu ɗaya, sannan na gaba.

Da muka gwada da kwalayen wofi a aji, Inna ta rubuta kalma biyu kawai a gaban 1/8: kayan gida. Na ce, "Inna, wane kayan gida?" Ta ce, "Malam, to mi za ni rubutawa? Duk kayan gida na." Gaskiyarta ce, amma jami'in kwastam bai san gidanta ba. In ya ga "kayan gida" bai ga komai ba, sai ya sa wuƙa ya yanka kwalin ya gani da idonsa. Ga yadda muka gyara:

1/8: tukwanen girki 4, faranti 12, kofuna 10, duk an yi amfani da su.
2/8: barguna 3, zannuwan gado 6, an yi amfani da su.
3/8: keken ɗinki 1, an yi amfani da shi.

Kun ga bambancin? Kowane layi yana da lambar kwali, sunan abu, adadi, da ko sabo ne ko tsoho. Abu huɗu. Ku ƙirga da yatsu: lamba, suna, adadi, sabo ko tsoho. In abin na lantarki ne, kamar talabijin, ka ƙara sunan kamfanin da lambar da ke manne a bayansa.

Kuskuren da na fi gani shi ne wannan. Mutum ya gama rubutu, sai ya ga kwali 3/8 yana da sauran wuri, ya zaro bargo ɗaya daga 2/8 ya cusa a ciki, ya bar takarda yadda take. Yanzu takarda ta ce barguna 3 a 2/8, kwali kuma ya ce 2. Kai ka san ba ka yi ƙarya ba, amma takardarka ta yi. In ka motsa abu, ka gyara takarda kafin ka miƙe daga wurin. Ba anjima ba, ba bayan sallar la'asar ba. Na faɗa a wancan mako, na sake faɗa jiya, amma har yau mutum huɗu sun kawo min takarda mai lamba 4/8 sau biyu, babu 5/8. Jama'a, wannan ba rashin sani ba ne, garaje ne. Ku da kuke ƙirga buhunan albasa a kasuwa ba ku taɓa tsallake ɗaya ba, me ya sa a takarda kuke tsallakewa?

To, mu sake. Lambar da ke jikin kwali ita ce lambar da ke takarda. Abin da ke cikin kwali shi ne abin da ke gaban lambar. In ka gama, ka ba wani ya riƙe takarda, kai ka tsaya a kan kwalaye, yana kiran lamba kana taɓa kwalin. Takardar da za ta je hannun kwastam da Turanci take tafiya, saboda haka ɗan kago ko wani ɗanka zai juya ta. Ka sa a karanta maka layi bayan layi, kana duba taka ta Hausa. Ka yi kofi uku: ɗaya na ɗan kago, ɗaya naka, ɗaya na mai karɓa a gida. Ka ɗauki hoton takardar da na kowane kwali kafin a rufe shi.

Wani abu kuma. Kada ka karɓi ƙunshin kowa a ɗaure ka saka cikin kwalinka, ko na ɗan ɗakinku ne. In an ba ka amana, ka kwance ta a gaban mai ita, ka rubuta ta a takarda. Sunanka ne a jikin kwalin, kai za a kira.

Darasi na 4: Ranar duba kaya

A tasha ana buɗe kwantena a gaban kwastam da ejan. Suna riƙe da jerin kaya, su zaɓi kwali, su duba lamba, su buɗe. In ya yi daidai da takarda, aiki ya yi sauƙi. In bai yi ba, sai su ƙara buɗewa, kuma kowace rana kwantena ta ƙara bayan kwanakin da aka ba ta kyauta, kuɗin ajiya yana hawa. Tunda kwantenar ta mutane da yawa ce, kwalin mutum ɗaya yana iya tsayar da na kowa.

Wanda ya zauna a waje aƙalla wata tara yana dawowa gida, ana iya sakar masa kayansa na amfani ba tare da kuɗin fito ba. Zai cike takardar da ake kira PUBD, ya nuna fasfo ɗinsa. Amma sababbin kaya iri ɗaya masu yawa, a ce abaya 40 a ledarsu, kayan sayarwa ne a idon kwastam, kuma za a biya musu.

Kada ka aiko tsohon firji ko tsohuwar na'urar sanyaya ɗaki ba tare da ka tambayi ejan ba, domin suna cikin jerin abin da aka hana shigowa da shi. Dilar gwanjo ma haka. Magani da abinci masu yawa suna jawo hukumar NAFDAC. Tukunyar gas da batura kuwa, ka gaya wa ɗan kago tun farko, domin kaya ne masu haɗarin gobara a jirgi.

Darasi na 5: Jira

Ka karɓi lambar kwantena da kofin takardar jirgi, wadda suke rubuta B/L. Da su ake bin sawun kaya. Kada ka aiko kayan biki ta ruwa in saura wata ɗaya. Teku akwai laima, ka naɗe tufafi da takardu a leda.

Darasi na 6: Karɓar kaya

Ka je da takardarka. Ka ƙirga kwalaye, ka duba wanda ya jiƙe ko ya fashe, ka ɗauki hotonsa, kafin ka sa hannu.

Aikin gida: ka nemo kwali uku, ka sa musu lamba, ka zuba kayan ɗakinka, ka rubuto jerinsu. Lambar ƙasa 3 ce a duka ukun.